Yadda ake shiga beta a waya, da yadda ake fita ba tare da an rasa kaya ba

Shiga beta ba ya ɗaukar minti biyar. Fita ce ke da wuya, kuma galibin waɗanda suka kawo min wayarsu suna kuka a kan fitar suka maƙale. Don haka zan fi daɗewa a kan shiri da ƙofar fita, shigar kuwa 'yan danne-danne ne kawai.

Beta dai ita ce sigar gwaji. Kafin kamfani ya saki sabuwar manhaja ko sabon tsarin waya ga kowa da kowa, yakan fara bai wa waɗanda suka yarda da raɗin kansu, su yi amfani da ita, su gano kurakuran da ma'aikatansa ba su gani ba. Ribar mai shiga ita ce ya riga mutane ganin sababbin abubuwa da makonni ko watanni, wani lokaci kuma gyaran wata matsala da ta dame shi ya iso masa da wuri. Abin da yake biya da shi kuwa shi ne kwanciyar hankalin wayarsa.

Iri biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai betar manhaja guda, kamar WhatsApp ko Chrome: idan ta lalace, ita kaɗai ce ta lalace. Akwai kuma betar tsarin wayar gaba ɗaya, wato Android ko iOS, wanda kira da kyamara da batir da manhajar banki duk a kansa suke zaune. Komawa baya daga wannan ta biyun kusan kullum yana nufin goge wayar tas.

Abin da za ka tanada

- Wayar da za ka iya haƙura da ita na kwana ɗaya ko biyu. Idan tsarin waya za ka gwada, ta biyu ta fi, ba wadda kake karɓar kuɗi da ita ba.
- Adireshin asusunka na Google ko na Apple da kalmar sirrinsa, a rubuce a takarda. Mutane da yawa sun shekara uku ba su shigar da ita ba, sai ranar da waya ta tambaya su gane sun manta.
- Waifai mai ƙarfi ko data wadatacciya. Sabuntawar farko ta tsarin waya takan kai gigabait biyu ko fiye, kuma wasu za su yi ta biyo baya.
- Caji sama da rabi, da caja a kusa.
- Fili a cikin wayar. Ni ba na farawa da ƙasa da gigabait 10.
- Kwamfuta da kebul mai ɗaukar bayanai, ba na caji kawai ba. Idan babu kwamfuta, katin memori ko filas mai shiga waya zai ɗauki hotuna da takardu. Ga mai iPhone kuwa, rashin kwamfuta na nufin ba shi da hanyar komawa tsohon tsari, sai dai ya jira.

Mataki na 1: Tambayi kanka abin da kake nema

Idan wani sabon abu ne guda ka gani a bidiyo kake son taɓawa, duba ko a manhaja yake ko a tsarin waya. Sau tari a manhaja yake, kuma ka huta da babban haɗari. Ka kuma sani cewa shiga beta ba ya ba da tabbacin samun abin. Kamfanoni kan kunna sabon abu daga wajensu ga wani kaso na masu gwaji kawai, sai ka ga kai da abokinka sigarku ɗaya amma shi yana da maɓallin, kai babu. Cirewa da sake sakawa ba ya kawo shi.

Akwai waɗanda nake ce wa kada su taɓa betar tsarin waya ko kaɗan: mai waya ɗaya tilo da sana'arsa ke kanta, mai na'urar lafiya da ke haɗe da waya kamar ta auna sukari ko ta taimakon ji, da mai wayar da wurin aiki ne ya ba shi.

Mataki na 2: Ajiye kayanka a wajen wayar

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, don haka bari in yi bayani a tsanake. Kwafin ajiyar da waya ke yi da kanta zuwa Google ko iCloud, sabo yana hawa kan tsoho ne. Ka shiga beta yau, bayan kwana kaɗan ajiyarka ta intanet ta zama ta sabon tsari. Ƙa'idar kuma ita ce ajiyar da aka yi a sabon tsari ba ta komawa kan tsoho. To ranar da ka gaji ka koma baya, sai ka tarar da ajiya cike da kayanka amma wayar ta ƙi karɓa. Shi ya sa kake buƙatar kwafin da ba ya motsi, wanda aka yi kafin shiga, aka ajiye gefe.

A Android, haɗa wayar da kwamfuta, zaɓi File transfer, ka kwashe manyan jakunkunan nan: DCIM, Pictures, Download da Documents. Buɗe hotuna biyu-uku daga kwamfutar ka tabbatar sun kwafu da gaske. Sannan ka duba lambobin mutane: waɗanda ke cikin asusun Google za su dawo da kansu, waɗanda aka ajiye a wayar kawai za su tafi.

A iPhone, haɗa da kwamfuta, zaɓi Encrypt local backup domin kalmomin sirri su shiga ciki, ka danna Back Up Now. Idan Mac ce, shiga Manage Backups ka zaɓi Archive a kan wanda ka yi yanzu, wannan ke hana wani ya hau kansa. Idan Windows ce, kwafe jakar ajiyar zuwa wani wuri daban. Kalmar sirrin da ka sa wa ajiyar ma ta shiga takarda, don idan ta ɓace ajiyar ta zama akwatin da ba makulli.

WhatsApp na da nata daban: Settings, sai Chats, sai Chat backup. Danna, ka jira ya gama, ka ga kwanan watan yau a rubuce.

Saura abin da ake mantawa: manhajar da ke ba da lambobin tabbatarwa masu canjawa duk bayan daƙiƙa talatin. Idan kana da irinta, ka fitar da asusun zuwa wata na'ura, ko ka rubuta lambobin ko-ta-kwana na kowane asusu. Wanda ya goge waya bai yi haka ba, zai iya samun kansa a waje da imel ɗinsa, imel ɗin da ake turo masa hanyar buɗe sauran asusun.

Mataki na 3: Fara da manhaja guda

Ga sabon shiga, Chrome ne wurin koyo mafi sauƙi, saboda sigoginsa na gwaji manhajoji ne masu zaman kansu. A Play Store za ka ga Chrome Beta, Chrome Dev da Chrome Canary, kowanne yana zama kusa da Chrome ɗinka na kullum ba tare da ya taɓa shi ba. Beta ta fi kusa da gamawa, Dev ta fi ta ɗanye, Canary kuwa kusan kullum ake sabunta ta, kuma tana iya wayar gari ta ƙi buɗewa. Idan ka gaji, cirewa kawai za ka yi. Firefox ma haka yake, da Beta da Nightly.

Yawancin manhajoji ba haka suke ba. Sigar gwajinsu tana maye gurbin ta kullum ne. Ga yadda ake yi:

1. Buɗe shafin manhajar a Play Store ka gangara ƙasa.
2. Idan tana karɓar masu gwaji za ka ga Join the beta. Danna Join ka tabbatar.
3. Jira 'yan mintoci, wani lokaci sa'o'i, sai maɓallin Update ya fito. Sai ka danna shi sannan sigar gwajin ta sauka.

Idan ka ga an rubuta cewa gurbi ya cika, kamar yadda aka saba gani a WhatsApp, to ya cika. Ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Abin da ba za ka yi ba shi ne sauke fayil daga wani shafi ko wani zaure da sunan "beta". Masu satar asusu sun san mutane na ɗokin sabon abu, kuma da wannan ɗokin suke kama su. Beta ta gaskiya ta ƙofar kamfanin take zuwa.

A iPhone, gwajin manhaja ta TestFlight ake yi, wata manhaja ce ta Apple. Mai manhajar ne ke ba da mahaɗin gayyata. Kowace siga a can kwana 90 take yi ta mutu, don haka idan mai ita bai turo sabuwa ba, wata rana za ta ƙi buɗewa. Ba lalacewa ta yi ba, wa'adinta ne ya cika.

Fita daga betar manhaja a Play Store: koma shafinta, ka danna Leave. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka cire manhajar ka sake saukewa, ka samu ta kowa nan take, amma bayanan da ke cikinta su tafi sai abin da ka ajiye. Ko ka bar ta yadda take, ranar da sigar kowa ta wuce wadda ke hannunka sai ta hau kai da kanta. Idan matsalar ba ta kai ta kawo ba, ta biyun ce zaɓina.

Mataki na 4: Shiga betar tsarin waya

Kafin komai, idan Android ce, shiga Settings, About phone, ka rubuta lambar da ke gaban Build number. Da ita za ka gane ko abin ya sauka, da ita kuma za ka yi bayani idan kana neman taimako. Sannan ka nemi shafin da kamfanin ya jera matsalolin da ya riga ya sani a wannan sigar, ka karanta. Idan ka ga abin da ba za ka iya rayuwa da shi ba, kamar matsalar kira ko ta buɗe waya da yatsa, jira ta gaba.

Shirin Google na wayoyin Pixel ne. Buɗe wannan adireshi da asusun da ke kan wayar:

```
google.com/android/beta
```

Za ka ga wayarka idan ta cancanta. Danna Opt in, ka amince da sharuɗɗa, sannan ka duba sabuntawa a Settings, ƙarƙashin System. Yana iya kaiwa awa 24 kafin ta bayyana, don haka kada ka yi ta shiga da fita don ba ka gan ta ba.

Masu Samsung ta manhajar Samsung Members suke rajistar betar One UI, wato tsarin wayoyin Samsung, amma a 'yan ƙasashe kaɗan ake buɗe ta, kuma ga wasu wayoyi kawai. Idan tallar ba ta fito maka ba, ba a buɗe wa wayarka ba ne. Kada ka bi masu cewa a ɗora fayil ɗin wata ƙasa da hannu. Sauran kamfanoni kowanne da tsarinsa, wasu ma ba su da shi.

A iPhone, yi rajista a `beta.apple.com`, sannan Settings, General, Software Update, Beta Updates. Za ka iya ganin zaɓi biyu, Developer Beta da Public Beta. Ta farkon takan fito a watan Yuni don masu ƙera manhaja, ta biyun a Yuli bayan an ɗan kwantar da ƙura, cikakkiyar kuma a Satumba. Tun 2023 ta farkon ta zama kyauta, shi ya sa mutane ke faɗa mata. Ɗauki ta biyun. Kuma idan kana da Apple Watch, bar shi a inda yake, domin agogon ba ka da hanyar mayar da shi tsohon tsari da kanka.

Lokacin shiga ma yana da tasiri. Betar farko ta kowace shekara ita ce mafi ɗanye. A Android akwai matakin da ake kira Platform Stability, inda ake daina canja yadda manhajoji ke hulɗa da tsarin. Daga nan ne masu manhaja ke samun damar daidaita nasu, daga nan kuma ya dace mutum irina da kai ya shiga.

Mataki na 5: Gwaji a ranar farko

Da wayar ta tashi, kada ka tsaya kallon sababbin launuka. Kira wani, ka sa shi ma ya kira ka. Tura saƙon tes. Kashe waifai ka ga ko data na aiki. Ɗauki hoto da ɗan bidiyo. Haɗa abin kunne na bulutut. Saita ƙararrawa ta minti biyu, kulle wayar, ka ji ko za ta buga. Sai kuma manhajar banki: ka shiga har ciki, ka tura ɗan ƙaramin kuɗi, don wasu suna buɗewa lafiya sai wajen tabbatarwa su tsaya.

Wannan na ƙarshen da jikina na koye shi. Wata shekara na ɗora beta da dare a kan wayar da nake komai da ita, na kwanta ina jin daɗi. Washegari na tsaya a layi zan biya kuɗi, mutum huɗu a bayana, na taɓa manhajar bankina: tambari ya fito, allo ya yi fari, ta rufe. Na sake, haka. Na kashe wayar na kunna, mai karɓar kuɗin yana kallona yana buga biro a tebur. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Manhajojin kuɗi suna bincikar tsarin da suke kai, idan ba su gane shi ba sai su ƙi aiki don kariya. Mako uku na yi ina zirga-zirga da kati kafin su sabunta tasu.

Zafi da shan batir a kwana biyun farko ba abin tsoro ba ne, wayar tana sake tsara manhajoji da hotuna ne a ɓoye. Idan ya wuce kwana huɗu ko biyar, duba Battery usage. Manhaja ɗaya ce ta cinye kaso mai yawa? Ita ce ba ta jitu da sabon tsarin ba, sabunta ta ko ka cire. Idan kuwa tsarin ne da kansa a saman jeri, sai haƙuri zuwa siga ta gaba.

Abin da ka gani kuma ka faɗa, tunda don haka aka buɗe ƙofar. Pixel na zuwa da Android Beta Feedback, iPhone da Feedback Assistant. "Wayata tana zafi" ba ya taimakon kowa. Rubuta abin da ka danna, abin da ka zata, da abin da ya faru, da ko yana maimaituwa. Sai dai ka lura, rahoton yakan tafi da bayanan cikin waya, kuma masu gwaji dama ana karɓar bayanan amfani daga wajensu fiye da sauran mutane. Hoton allon da za ka haɗa, duba kada hirar wani ko lambar asusu ta fito a ciki.

Mataki na 6: Fita

A Pixel, idan ka koma shafin nan ka danna Opt out a tsakiyar gwaji, za a turo maka wata sabuntawa. Kamanninta ɗaya da kowace sabuntawa, amma aikinta mayar da kai tsohon tsari ne tare da goge duk abin da ke wayar. Bayanin yana rubuce a jikinta, sai dai wa ke karantawa? Hanyar fita ba tare da gogewa ba ita ce ka sauka a kan cikakkiyar sigar abin da kake gwadawa, kafin ka ɗora betar da ke bayanta.

Abin da ya faru da Android 16 a 2025 ya isa misali. Betar farko ta fito a Janairu, aka kai Platform Stability a Maris, cikakkiyar siga ta fito a Yuni. Ɗauki mutumin da ya shiga a Maris da niyyar sauka a Yuni. Shirin nasa daidai ne, amma shirin beta ba ya tsayawa don an gama siga ɗaya, yana zarcewa zuwa gwajin sabuntawar wata uku-uku da ake kira QPR. A watan Mayu, kafin cikakkiyar Android 16 ta iso, sai aka turo wa masu rajista QPR1 Beta 1. Wanda ya ɗora ta ya riga ya tsallake sigar Yuni, domin abin da ke wayarsa ya fi ta sabunta, kuma waya ba ta komawa baya sai da gogewa. Ƙofarsa ta gaba sai Satumba, lokacin da QPR1 ta cika. Wanda ya lura kuwa abu uku ya yi: bai ɗora ta Mayun ba, ya danna Opt out, sannan da sabuntawar gogewa ta zo ya ƙyale ta a wurin bai taɓa ba. Da ta Yuni ta fito sai ta maye gurbinta, ya ɗora, ya fita da kayansa cif.

Saboda haka, muddin kana cikin beta, karanta sunan kowace sabuntawa kafin ka danna. Idan ka ga kalmar QPR ko lambar Android ta canja, sabon zagaye ne ke farawa, ka yanke shawara a lokacin. Idan kuma kana jiran fita, kashe Automatic system updates da ke cikin Developer options, don kada wayar ta ɗora wani abu da kanta idan ta sake tashi.

iPhone ta fi sauƙi ta wannan fuska. Mayar da Beta Updates zuwa Off, sigogin gwaji su daina zuwa, wayar ta zauna a kan wadda take kai har sigar kowa ta wuce ta. Babu abin da ke gogewa. Amma idan ba za ka iya jira ba, sai kwamfuta: a sa wayar a yanayin farfaɗowa, wato recovery mode, a zaɓi Restore, a goge ta, a ɗora tsarin kowa, sannan a dawo da ajiyar nan da ka keɓe a mataki na 2. Duk abin da ya shigo bayan ranar ajiyar ba ya cikinta, don haka kwashe sababbin hotuna da takardu tukuna. Samsung ma ta kwamfuta ake komawa, da Smart Switch, kuma ita ma gogewa ce.

Idan dole sai ka goge, zaɓi ranar da ba ka da uzuri, ka ware rabin yini. Ka tabbatar layin da banki ke turo maka lamba yana hannunka yana aiki, domin yawancin manhajojin kuɗi za su ɗauki wayar a matsayin sabuwa su nemi ka sake tabbatar da kanka. Idan layinka eSIM ne, wato wanda ba shi da katin da ake zurawa a waya, tambayi kamfanin layin yadda ake sake ɗora shi tun kafin ka fara, sannan ka sa wayar a caji ka bar ta har ta gama.